Ƙuraje masu zafi a fuska da baya sun bar mini tabo

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 19. Kusan shekara guda ke nan ƙuraje suna damuna a kumatu da haɓa, yanzu kuma sun feso mini a baya da kafaɗu. Wasu jajaye ne masu zafi, ko baki ba sa yi, har kwanciya rigingine takan gagare ni. Ina wanke fuskata sau huɗu a rana da sabulu mai kashe ƙwayoyin cuta, ina dirzawa da soso, kuma in na ga ƙurji ba na iya haƙuri sai na matse shi. Wata ƙawata ta ba ni wani mai, na shafa suka kwanta na sati biyu, daga baya suka dawo fiye da da. Yanzu fuskata duk baƙin tabo, har da 'yan ramuka. Rashin tsafta ne? Kuma tabon zai tafi?

Ƙanwarki mai damuwa

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Ba ƙazanta ba ce, ki cire wannan daga ranki tun yanzu. Abin da ke haddasa ƙurajen nan yana can ƙarƙashin fata, inda sabulu da soso ba sa kaiwa. Shi ya sa dirzar ba ta tsinana miki komai ba sai ƙarin raɗaɗi. Bari in fara nuna miki yadda ƙurji ke tasowa, don in kika gane wannan, sauran bayanin ba zai ba ki wuya ba.

Kowace ƙofar gashi a jikinki, har da ta siraran gashin fuska da ba ki ma lura da su, ɗan siririn rami ne da ya nutsa cikin fata, kuma a gefensa akwai wata 'yar jaka mai samar da maiƙo. Maiƙon kan bi ta ramin ya fito waje ya tausasa fata. Daga lokacin balaga, sinadaran jiki da likitoci ke kira homon sukan sa jakunkunan nan su ƙara girma, su riƙa zubo maiƙo fiye da da. A daidai wannan lokaci kuma matattun ƙwayoyin fata da ya kamata su kakkaɓe su fita sai su manne da juna su toshe ramin. Maiƙo ya rasa hanya, ya taru. Akwai wata ƙwayar bakteriya da ke zaune a fatar kowa, mai ƙuraje da marar ƙuraje, wadda ba ta son iska kuma da maiƙo take rayuwa. Ramin da ya toshe ya yi mata daɗi, sai ta hayayyafa, jiki kuma ya tashi yaƙarta. Wannan yaƙin shi ne kumburi da ja da zafin da kike ji. Jakunkunan maiƙo sun fi yawa a fuska, ƙirji, kafaɗu da saman baya, don haka fitowar da suka yi miki a baya ba wata sabuwar cuta ba ce, kuma ba daga fuska kika kwashe su da hannu kika kai can ba. Ba a ɗaukarsu daga wani, ba ki kuma shafa wa kowa.

Ƙurajen ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan ne mutane da yawa ke kuskure. Akwai ƙananan da ba su da zafi: wasu bakinsu a buɗe yake sai ki ga ɗigon baƙi, wasu kuma a rufe, sai ki ji fata ta yi tsaki-tsaki in kin shafa. Baƙin nan ba datti ba ne, iska ce ta taɓa abin da ya toshe ramin ya sauya launi. Sai masu kumburi na sama-sama: ɗan ja mai zafi in an taɓa, da kuma wanda ya yi farin kai na mugunya. Waɗannan in an ƙyale su sukan kwanta cikin kwanaki kaɗan zuwa sati guda ko fiye da haka kaɗan.

Na ƙarshe su ne na can ciki. Sukan fara da zafi tun kafin ido ya gan su, ki taɓa wurin ki ji wani ƙululu mai tauri a ƙarƙashin fata, wani lokaci kuma mai taushi kamar akwai ruwa a ciki. A fata mai duhu ba lallai ne su yi ja sosai ba, sukan yi duhu-duhu ko shuni-shuni. Suna iya yin makonni ba su kwanta ba, kuma ba sa yin baki. Naki da ke hana ki kwanciya irin waɗannan ne, kuma su ne suka fi barin rami. Ki riƙe abu ɗaya game da su: babu wata hanya daga cikinsu zuwa waje. Duk matsar da za ki yi, ba abin da zai fito sai jini da ɗan ruwa.

To ina abin da ke ciki yake zuwa in an matsa? Ki ɗauki leda da aka cika da ruwa aka ɗaure bakinta tam, ki matse ta da hannu biyu. Bakin ba zai kwance ba, ta gefe za ta fashe. Haka ramin gashin yake. Bangonsa siriri ne, kumburi kuma ya riga ya raunana shi, don haka yatsu biyu sun isa su fasa shi ta ciki. Maiƙo da bakteriya da matattun ƙwayoyin fata sai su watsu cikin naman fatar, wurin da bai saba da su ba. Jiki ya ƙara tayar da yaƙi, ƙurjin da zai kwanta a sati guda ya koma ƙululu na sati uku. Na tabbata kin taɓa ganin haka: kin matse da daddare, kin wayi gari wurin ya ninka girma, ya yi tauri, ga sawun farce biyu a gefensa sun yi ɓawo.

Ƙasan fata saƙa ce ta wasu zarurruka masu ƙarfi da ake kira kolajin, su ne ke riƙe da fata ta zauna sumul. Kumburi mai zurfi da ya daɗe yana cinye zarurrukan. In ciwo ya warke jiki bai mayar da adadin da aka rasa ba, sai wurin ya lotsa: wani ya zama siririn rami mai zurfi kamar an soka tsinke, wani mai faɗi da kaifin gefe, wani kuma fata ta yi hawa da gangara. In kuma jiki ya zarce wajen gyara, sai tabo ya yi tudu, ya yi tauri, wani lokaci ya ci gaba da girma har ya wuce iyakar ƙurjin da ya haife shi, yana ƙaiƙayi. Wannan shi ake kira kiloid. Ya fi samun masu duhun fata, kuma wuraren da ya fi so su ne kafaɗu, baya, tsakiyar ƙirji da gefen muƙamuƙi. Don haka na bayan nan naki, kada ki sosa su da farce, kada kuma ki bari wata ta matse miki da sunan taimako.

Yanzu maganar tabonki. Ki tsaya gaban madubi inda haske ke zuwa ta gefe, ki shafa wurin da tsaftataccen yatsa a hankali. In baƙi ne kawai amma fata sumul take, babu lotsawa babu tudu, to launi ne. Kumburi ne ya tunzura ƙwayoyin da ke ba fata launinta suka zuba da yawa a wuri ɗaya. Wannan yana gogewa da kansa, sai dai da nawa: watanni yake ɗauka, mai zurfi kuma yakan haura shekara. Rana tana ƙara masa duhu, kowace sabuwar matsa kuma tana mayar da lissafi farko. Ramuka kuwa, gaskiya zan faɗa miki, babu man shafawar da ke cike su, komai abin da aka rubuta a jikin kwalbarsa. Likitan fata yana da hanyoyin rage su sosai, amma sai bayan ƙurajen sun tsaya ake wannan aikin. Ramukanki kaɗan ne a yanzu. Aikin da ke gabanmu shi ne kada su ƙaru.

Mu dawo kan wanka. Ki ajiye soson nan, fuskarki ba ta buƙatarsa ko kaɗan. Sabulu mai kashe ƙwayoyin cuta shi ma ki bar shi, domin yana busar da saman fata, bakteriyar da kike hari kuma tana can cikin rami bai isa gare ta ba. Fatar da aka dirje tana tsattsagewa ta inda ido ba ya gani, ta yi zafi, ta yi saɓa, ta kasa jure maganin da zai taimake ta. Dirza kuma tana fasa ƙananan ƙurajen da ba su kumbura ba tukuna, wato matsa ce ita ma, sai dai ta ko'ina lokaci guda.

Sau biyu a rana ya isa, safe da dare, sai kuma in kin yi gumi sosai. Ki nemi abin wanke fuska mai laushi marar ƙamshi, marar tsakuwa a ciki. Ki wanke hannunki tukuna, ki jiƙa fuska da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba, ki murza da tafin yatsunki a hankali na kamar rabin minti, ki ɗauraye sosai har gefen gashi da ƙarƙashin haɓa. Tawul kuma ki danna shi ne, kada ki goga. Ga yadda za ki gane ko abin wankin ya dace da ke: in bayan minti kaɗan kin ji fuska ta ɗaure tana ja in kin yi murmushi, ya yi miki ƙarfi, ki sauya. Bayan wanka ki shafa mai marar nauyi, irin wanda aka rubuta cewa ba ya toshe ƙofofin fata. Na san za ki ce fuska mai maiƙo me za ta yi da mai, amma in kika fara magani za ki gode masa. Kwalliya ba laifi ba ce, sai dai kada ki kwana da ita.

Baya yana da nasa sharuɗɗan. Gumi da zafi da gogayya suna tayar da ƙurajensa, don haka matsattsen kaya, igiyar jakar goyo da rigar da ta jiƙe da gumi aka bar ta a jiki duk suna ƙara masa. In kin yi gumi ki sauya kaya, ki watsa ruwa in da hali. Man gashi mai nauyi yana gangarowa goshi da wuya da kafaɗu ya toshe ramuka, saboda haka ranar wanke kai ki fara da kan, ki wanke baya daga ƙarshe. Rigar filo da zanin gado a riƙa sauya su a kai a kai.

Man ƙawarki kuwa, ina da zato mai ƙarfi a kansa. Man da ke kwantar da ƙuraje cikin kwanaki, fata ta yi sumul har ta ɗan yi haske, sannan su dawo da yawa, halin mai ɗauke da sinadarin sitiroid ke nan, kuma da yawa daga cikin mayukan bilicin da haɗe-haɗen da ba su da takarda suna ɗauke da shi. Yana danne kumburi na ɗan lokaci, amma shi kansa yana haifar da ƙuraje, ƙanana masu kama da juna da ke fesowa lokaci guda, ga sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana. In makonni kaɗan kika yi kina shafawa, ki daina. In kin kai watanni, fata za ta yi bore in kika yanke lokaci guda, ta yi ja da zafi, don haka likita ne zai nuna miki yadda za ki janye a hankali. Kada ki jefar da bututun, ki tafi da shi a duba abin da ke ciki. Lemon tsami, man goge baki da sauran abubuwan da ake cewa a ɗiga wa ƙurji, ƙuna suke yi, ƙuna kuma baƙin tabo take bari.

Akwai magunguna biyu na shafawa da suka daɗe ana amfani da su kuma aikinsu tabbatacce ne. Na farko benzoyil feroksaid, mai kashe bakteriyar cikin rami. Yana zuwa da ƙarfin kashi 2.5, 5 da 10 cikin ɗari. Ki fara da mafi ƙanƙanta a fuska, domin na kashi 10 ya fi ƙona fata ba tare da ya fi aiki sosai ba. Akwai na wanka, shi ya fi dacewa da baya: ki shafa, ki bar shi minti biyu zuwa biyar, ki ɗauraye. Yana kashe launin tufafi da tawul, don haka ki ware masa farin tawul ko tsoho. Na biyu adafalin mai ƙarfin kashi 0.1, wanda ke hana ramukan toshewa tun farko, yana kuma taimakawa wajen goge baƙin tabo. Da dare ake shafa shi a busasshiyar fata, ɗan kaɗan da bai wuce faɗin farcen ƙaramin yatsanki ba ga fuska gaba ɗaya, a kauce wa gefen ido, leɓe da kusurwar hanci. Mai juna biyu ko mai neman ɗauka ba ta amfani da shi.

Kada ki haɗa su rana ɗaya da farko, balle fatarki da ta sha dirza. Sati biyun farko ki tsaya kan wanki mai laushi da mai, ki bar fuska ta huce, amma kina iya fara na wankan a baya. Daga nan ki shigo da adafalin, dare ɗaya ki shafa ki tsallake biyu, bayan sati biyu ki koma tsallake ɗaya, har fata ta saba ki kai kullum. In ta saba, sai ki ƙara benzoyil da safe. 'Yar saɓa da bushewa a farko ba abin tsoro ba ne. In wuri ya yi zafi kamar ƙuna ko ya kumbura, ki dakata kwanaki, ki koma da tazara mai yawa. In kuma fuska ta kumbura gaba ɗaya ko jiki ya feso da borin jini, ki bar shi ki ga likita. Da rana ki shafa man kariya daga rana mai lamba 30 ko fiye, don duhun fata ba ya hana tabo ƙara baƙi.

Wurin da ƙuraje suka saba fitowa gaba ɗaya ake shafa wa, ba kan ƙurji kawai ba. Wanda kika gani yau makonni ya yi yana haɗuwa a ɓoye, maganin kuma waɗanda ba su fito ba yake tarewa. Wannan ne dalilin da ya sa ba a ganin sauyi sai bayan sati 6 zuwa 8, ba a kuma yanke hukuncin cewa magani bai yi ba sai ya kai sati 12. A makonnin farko ma suna iya ɗan ƙaruwa. A nan ne yawancin mutane ke karaya su koma wani mai, daga shi su koma wani, shekara ta ƙare ba wanda aka ba shi damar yin aiki. Ki ɗauki hoton fuskarki yau, ki sake ɗauka duk bayan sati huɗu a wuri ɗaya da haske ɗaya, don ido da ke kallon madubi kullum ba ya ganin sauƙin da ke zuwa a hankali.

Idan ƙululu ya taso yana zogi, ki jiƙa tsaftataccen ƙyalle da ruwan ɗumi ki ɗora minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana. Hannu kuma sai an yi masa dabara, cewa ki daina kawai ba ta isa ba. Ki yanke farce. Ki lura da lokacin da kika fi yin matsar. Ga yawancin mutane da dare ne, gaban madubi, ko lokacin karatu hannu na yawo a haɓa ba a sani ba. Ki rage tsayuwa dab da madubi. Akwai 'yan ƙananan filasta da ake liƙa wa ƙurji mai farin kai, suna tsotse ruwan, amma babban amfaninsu a wurina shi ne suna shiga tsakanin farce da fata.

Duk da wannan, ba zan ɓoye miki ba: ƙuraje masu zurfi a fuska da baya, waɗanda har sun fara barin rami, da wuya na shafawa kaɗai ya ishe su, kuma suna iya barin tabo ko ba a taɓa su ba. Don haka kada ki jira sati 12 kafin ki ga likitan fata, ki nemi ganinsa yanzu, kina bin tsarin wankan kafin ranar. Yana iya ba ki maganin sha irin su doksisaikilin na kimanin wata uku, tare da na shafawa, ba shi kaɗai ba, don kada bakteriya ta saba da shi. Ana haɗiye shi da ruwa cike da kofi, ba a kuma kwanciya nan take. Babban ƙululu yana iya yi masa 'yar allura ya sace cikin kwanaki kaɗan. In abin ya ƙi, akwai aisotiretinoyin, wanda ke ƙanƙantar da jakunkunan maiƙon kansu, ana sha na watanni, kuma shi ne mafi ƙarfi a wannan fanni. Yana busar da leɓe da fata ƙwarai, ana bibiyar mai shansa, kuma yana nakasa jariri a ciki mummunar nakasa. Wannan ba maganin da za ki saya da kanki ba ne, ko ki karɓi ragowar na wata.

Ranar da za ki je, ki tafi da fuska ba kwalliya, da duk mayuka da sabulan da kika yi amfani da su. Ki faɗa masa in al'adarki tana tsallake watanni, ko gashi mai kauri yana fito miki a haɓa, ko ƙurajen suna tashi ne gab da al'ada, domin wannan yana nuna hannun homon, maganinsa kuma daban ne. Ki faɗa masa in na bayan sun fi ƙaiƙayi a kan zafi kuma duk girmansu ɗaya, don akwai wani nau'in da ƙwayar fangas ke kawowa, wanda maganin bakteriya ke ƙara wa ƙarfi. In akwai maganar aure ko ɗaukar ciki nan kusa, ita ma ki faɗa, saboda ita za ta yanke irin maganin da zai ba ki. In kuma kafin ranar wani ƙurji a kusa da hanci ko leɓen sama ya kumbura da sauri, jan yana yaɗuwa, ko zazzaɓi ya biyo baya, kada ki jira, ki je asibiti a ranar.